Hotunan biki sun cika waya: in biya kuɗin manhaja ko in goge da hannu?

Tambaya: Malam, hotunan bikin ƙanwata sun cike min waya, wani hoton har kashi biyar iri ɗaya. Na sauke wata manhaja ta gogewa tana cewa sai na biya kuɗi duk wata. In biya ko mi zan yi? Daga wata 'yar Mabera, Sakkwato.

Amsa: Hajiya kar ki biya ko sisi. Idan Android ce wayarki ki sauke Files by Google, kyauta ce, ki shiga Clean ki duba Duplicate files, zata jero miki hotunan da suke kwafin juna sak, ta sa ma ɗaya alamar Original, sauran ki goge hankali kwance. Masu iPhone kuma daga iOS 16 akwai Duplicates cikin Photos, ana danna Merge ya bar wanda yafi inganci.

Amma fa wannan rabin aikin ne, don yawancin naki ba kwafi bane, kama ce kawai. Misali hoton amarya da kika ɗauka da kanki kika tura gurup ɗin dangi, wata ta sake turo miki shi. A fuskar waya duk ɗaya suke, amma WhatsApp yana matse hoto, na kyamararki zai kai MB 3 ko 4, wanda ya dawo kuwa da ƙyar ya wuce KB 200. Ki danna Details ki duba girma da suna, in kinga WA a sunan, kamar IMG-20240312-WA0007.jpg, to na WhatsApp ne, shi zaki goge in dai na asalin yana hannunki. In kika kuskure kika bar ƙaramin, ranar da za'a wanko shi babba a sa a firam fuskar zata fito dishi-dishi, kuma babu mai gyara shi.

Su kuma biyar ɗin nan da aka ɗauka a jere, waya bata san wanda gwaggo ta rufe ido ba, ke zaki zaɓa. Ki ja hoton da yatsu biyu ya girma har kan idon amarya, wanda gashin ido da zaren leshi suka fito tas shi ne mai kyau, wanda hannu ya girgiza zakiga gefen fuska ya jirwaye, ballantana na dare a cikin zaure. Sai ki duba sauran fuskoki, ki sa ma wanda yafi kyau alamar Favourite tukunna kafin ki taɓa sauran, haka nan ba zaki rikice ba.

Abu ɗaya da zaki kiyaye, in Backup na Google Photos a kunne yake, abinda kika goge daga cikinsa yana tafiya har da na intanet ɗin. Ki bar Trash ya kwana biyu kafin ki zubar, a Files kwana 30 yake riƙewa, sai dai wurin ba zai dawo miki ba sai an zubar ɗin.