Yadda teburin lissafi zai sanar da kai kaya sun kusa ƙarewa

Tambaya: Ina rubuta kayan shagona a Excel, amma sai sukari ya ƙare nake sani. Yaya zan yi?

Malam, ƙara ginshiƙai biyu: kayan ko-ta-kwana da matakin sake oda. A ce kana sayar da buhu 4 kullum, kaya kuma sukan kwana 5 kafin su iso daga kasuwar Singa ta Kano, ka ga buhu 20 ke nan. Idan mota takan makara da kwana 2, ajiye buhu 8 na ko-ta-kwana. Haɗa 20 da 8, matakinka 28 ke nan: idan ragowar kaya ta sauko nan, sai ka sake oda. Sa ragowar kaya a ginshiƙin B, matakin a E, sai ka rubuta wannan a wani ginshiƙi don ya nuna maka SAYO idan lokaci ya yi:

```
=IF(B2<=E2,"SAYO","")
```

Amma fa kafin azumi ka ɗaga lissafin, don cinikin sukari yakan tashi, tsohon matakin zai yaudare ka.