Tambayoyi biyar a ƙasan talla: yadda za ka rage "nawa ne?" da "ina shagonku?"

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina sayar da wayoyin hannu, ina sa tallarsu a Facebook Marketplace da WhatsApp. Kullum ina cikin amsa abu ɗaya: nawa ne, batir fa, ana musaya, ina shago. Har mai saye na gaske yakan ɓace mini a cikin tarin saƙonni. Wani abokina ya ce in riƙa rubuta tambaya da amsa a ƙasan talla. Yana aiki kuwa? Me zan rubuta? Daga wani ɗan kasuwa a Tudun Wada, Kaduna.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Shawarar abokinka tana aiki, amma da sharaɗi: tambayoyin su fito daga cikin wayarka, ba daga tunaninka ba. Yawancin masu gwada wannan dabara sukan zauna su ƙirƙiro abin da suke jin mai saye zai tambaya, sai su rubuta irin su "Kayanku masu kyau ne? Sosai ma." Babu wanda wannan zai hana turo saƙo, domin ba a amsa masa komai ba.

Saboda haka ka fara da takarda da biro. Buɗe hirarraki talatin na baya-bayan nan da ka yi da masu neman waya, ka duba tambayar farko da ta biyu da kowa ya yi, kana jan layi a gaban kowace iri. Idan kana son sauri, yi amfani da wurin bincike na WhatsApp, ka rubuta kalma kamar "batir" ko "ciko" ko "ina", zai fito maka da duk inda aka ambace ta. Za ka ga wasu 'yan tambayoyi sun kwashe yawancin layukan, sauran kuma mutum ɗaya ne ko biyu suka yi su. Ɗauki biyar na sama, ka bar sauran. Na ce biyar ne saboda mutum a kan ƙaramin gilashin waya yake karatu, wataƙila a cikin Keke, kuma Marketplace yakan naɗe dogon bayani ya bar layukan farko kawai, sai an taɓa See more sauran su fito. Tambaya ta goma sha biyu kusan kai kaɗai za ka karanta ta.

Wannan naɗewar ita ce ta sa farashi ba ya cikin abin da za a kai ƙasa. Kuɗi yana da gurbinsa a cikin talla, to ka rubuta na gaskiya a nan. Masu sa naira 1 ko 1,234 don a biyo su ta saƙo su ne suka jawo wa kansu "nawa ne?", babu rubutun da zai cece su. Haka sunan waya da girman ma'ajiyarta da babban aibinta, idan tana da shi, su zauna a layuka biyu na farko. Tambaya da amsa aikinsu shi ne kwashe abin da ya rage bayan mutum ya ga kaya, ya ga kuɗi, ya fara sha'awa.

Bari mu ɗauki waya ɗaya mu yi aikin a kanta. A ce iPhone 11 ce mai 128GB, ka sa mata naira 250,000. Kuɗin misali ne kawai, kai ka san kasuwarka. Kafin ka rubuta komai, ka ɗebo amsoshin daga wayar kanta. Shiga Settings, sai Battery, sai Battery Health, ka ga lambar da ke gaban Maximum Capacity. Koma General, ka shiga About. A nan idan Carrier Lock ya nuna No SIM restrictions, to kowane layi zai hau. A wannan shafin dai, wayar da ke kan iOS 15.2 ko sama takan nuna Parts and Service History idan an taɓa canza batir ko gilashi, kuma idan abin da aka sa ba na kamfani ba ne za ka ga Unknown Part. Mai saye da ya san waya nan zai fara dubawa ranar da ya zo, gara ya ji daga bakinka. Ga yadda ƙasan tallar zai kasance:

Batir fa? Kashi 84, ba a taɓa canza shi ba. Hoton yana na uku.

An taɓa gyara? An canza gilashi sau ɗaya, ba na kamfani ba ne. Face ID yana aiki, kowane layi yana hawa.

Akwai ragi? Kaɗan, bayan ka ga waya. Ƙasa da 240,000 ba za ta tafi ba.

Ana musaya? E, da iPhone XR zuwa sama. Turo hoton gaba da baya da na batir, sai in faɗi ciko.

Ina zan gani? Shago a Tudun Wada, ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma, ban da lokacin Juma'a. Ana aikawa cikin gari, kuɗin ɗan aike a kan mai saye.

Lura da cewa kowace amsa tana ɗauke da lamba ko sharaɗi. "Batir lafiya lau" tana haifar da wata tambayar, wato kashi nawa, amma "kashi 84" ta rufe maganar. Kuma mai karatu ya san Apple na ɗaukar ƙasa da kashi 80 a matsayin batirin da ya gaji, don haka lambar ta gaya masa sauran tazarar da yake da ita. Amsar musaya kuwa ta yi aiki biyu. Ta sallami mai tsohuwar wayar da ba ka so, sannan ta sa wanda ya cancanta ya zo da hotunansa tun a saƙon farko, maimakon ku yi ta kai da kawowa kafin a kai ga maganar ciko.

Maganar ragi ce za ta fi ba ka wahala, kuma a nan 'yan kasuwa suka rabu. Wasu suna ganin faɗin kuɗin ƙarshe a fili kashe ciniki ne, tunda duk wanda ya zo daga nan zai fara tayi. Gaskiya ne, wanda ya ga 240,000 ba zai biya 250,000 ba. Ni dai a kan wayar hannu na fi son a faɗa, saboda masu tayin rabin kuɗi su ne suka fi cin lokaci, kuma su ne ba sa saye. Idan ribarka ba za ta ɗauki haka ba, rubuta "ragi kaɗan ne, sai an ga waya" ka tsaya nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "ba ragi, kada a dame ni". Mutumin Kaduna ya saba da taya kaya ko a Kasuwar Barci ko a Kasuwar Sheikh Gumi, idan ka tare shi da faɗa tun bai yi sallama ba, sai ya wuce tallar gaba.

Game da wuri, unguwa da lokaci sun wadatar. Idan daga gida kake sayarwa, kada ka rubuta lambar gida ko kwatancen layinku a tallar da kowa ke gani, ka ajiye wannan sai magana ta yi nisa, ko ku haɗu a wurin jama'a. Haka lambar IMEI, wadda ake gani idan an danna `*#06#`, ba ta shiga talla, ka bar mai saye ya duba ta da hannunsa. Idan kana aikawa Zariya ko Kano ta tashar Kawo, faɗi ƙa'idarka a layi ɗaya, ko ana biya kafin a ba direba ko yaya, domin wannan ce tambayar da 'yan nesa ba sa fasawa. Sai dai fa ta shiga cikin biyar ɗin ne kawai idan takardarka ta nuna ana yawan yin ta.

Wani abu da ya shafi garinmu: masu sayenka ba duka ke karanta Hausa ba. Wanda ke Barnawa ko Sabon Tasha zai iya ganin tallarka kamar yadda na Rigasa zai gani. Duba hirarrakin nan talatin, idan da yawa da Turanci suka zo, rubuta amsoshin da harsuna biyu, amma ka rage su zuwa huɗu don kada rubutun ya yi tsawo. Kuma ka rubuta da haruffa na yau da kullum. Tauraron da ke kaurara rubutu a hirar WhatsApp ba ya aiki a bayanin Marketplace, zai fito ne a matsayin tauraro, su kuma haruffan ado da ake kwafowa daga wasu manhajoji bincike ba ya gane su yadda ya kamata.

Akwai saƙon da ba za ka iya hanawa ba. "Is this available?" ɗin nan da ke cika maka waya, Facebook ne ya riga ya rubuta shi, mutum taɓawa ɗaya yake yi ya tafi, wani ma bai san ya taɓa ba. Abin da za ka iya shi ne ka sa layin farko ya ce "idan kana ganin tallar nan, wayar tana nan", sannan ka cika alkawarin ta hanyar danna Mark as sold da zarar ta tafi. Su kuma waɗanda ba sa karatu ko me ka rubuta, ka tanadar musu amsa a WhatsApp Business. Shiga Business tools, sai Quick replies, ka zuba amsoshin da ba sa canzawa, kamar wuri da lokaci da ƙa'idar musaya, ka ba kowace gajeren suna. A cikin hira sai ka rubuta `/` ka zaɓa. Kada ka sa batir ko farashi a nan, tunda kowace waya da nata, ranar da ka tura wa wani kashi 84 alhali wayar da yake magana a kai 76 ce, ka sayi rigima.

Wannan haɗarin yana nan a tallar kanta. Mai kwafe bayanin tsohuwar talla ya liƙa a sabuwa yakan manta ya gyara lambobi, sai hoto ya nuna abu ɗaya, rubutu ya faɗi wani. Ka ajiye samfurin a manhajar rubutu ta wayarka da gurabe a buɗe, wato "Batir: kashi __", yadda dole sai ka cike kafin ka saka.

Bayan mako biyu, sake ɗaukar sababbin hirarraki talatin ka ja layuka kamar farko. Tambayar da ta ragu, amsarta ta yi. Wadda ba ta motsa ba, ko dai ta yi ƙasa da yawa ba a kaiwa gare ta, sai ka ɗago ta sama, ko kuma amsar ba ta da lamba, sai ka gyara. Idan wata sabuwa ta taso, misali kowa ya koma tambayar caja da kwali, cire wadda ta fi rauni a cikin biyar ɗin ka sa ta a gurbinta. Idan kuma saƙonni sun ragu amma ciniki ma ya ragu tare da su, fara duba layin ragi da layin aikawa, ka sassauta ɗaya daga ciki, ka bar sauran yadda suke har mako mai zuwa don ka gane wanne ne ya kori mutane.