Dokar wace ƙasa za mu rubuta a yarjejeniya?

Tambaya: «Ina Zinder, zan sayar wa wani ɗan kasuwar Kano riɗi bashi. Ya ce mu rubuta dokar Najeriya da kotun Kano. In amince?»

Alhaji, kafin ka sa hannu, duba inda dukiyarsa take. In shagonsa da asusunsa na banki duk suna Kano, kotun Kano ba lallai ta cuce ka ba, domin hukuncinta kai tsaye za a zartar a kan kayansa. In kuwa kotun Zinder ta ba ka gaskiya, takardar ba ta aiki can sai ka sake zuwa gaban babbar kotun Najeriya ta amince da ita, ga kuɗin fassara daga Faransanci, ga na lauya.

Zaɓin doka daban, zaɓin kotu daban, kowanne a ba shi sakin layinsa. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, Najeriya ba ta ciki, don haka ba lallai dokar cinikinmu ta bi ka Kano ba sai kun rubuta ta. Ni da zan zaɓa, sai mu rubuta cewa masu yanke hukunci na sulhu za su raba mu, tunda ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ake zartar da irin wannan hukunci a ƙetare. Amma fa da tsada, bai dace da cinikin buhu ashirin ba.