Darakta zai tafi, ni aka ce in yi jawabin ban kwana

Tambaya: Ni kwantabul ce a wani biro nan Tawa. Shekara uku muna aiki da daraktanmu, jininmu bai taɓa haɗuwa ba. Ya taɓa yi mini faɗa gaban ƙananan ma'aikata, ya kuma ba ni takardar neman bayani ranar da na makara don ɗana yana asibiti. Yanzu an yi masa canji zuwa Yamai. Abokan aiki sun ce ni na fi daɗewa, ni zan yi magana da sunansu ranar walima. Ba na son in yi ƙarya, ba na son kuma in kunyata shi. Me zan ce?

Amsa: Ƴar'uwa, ki karɓi jawabin, kada ki turo wani. Duk biro an san tsakaninku, in aka ga kin noƙe, shirunki zai fi kowace magana ƙara. Amma tun yanzu ki raba abin da ke ranki gida uku: akwai na gaban jama'a, akwai na ke da shi kaɗai, akwai na takarda. Na daɗe ina riƙe da sashen ma'aikata, kuma walimar ban kwanan da na ga ta lalace, kusan kullum dalilin ɗaya ne, an ɗauki maganar wani gida an kai ta wani.

Mu fara da na gaban jama'a, don shi ne ke hana ki barci. Ranar nan ba ke ce za ki tsaya ba, bakin ma'aikata ne. Direba da mai gadi da sakatare duk ke suka ba aron bakinsu, ba su kuwa ba ki don ki biya bashin kanki ba. Wannan ma sauƙi ne gare ki. Ba wanda ya ce ki rantse kina ƙaunar mutumin. Abin da ake nema shi ne ki faɗi abin da aka gani a zamansa, ki roƙi gafara a madadin kowa, ki yi masa addu'ar hanya.

Ƙarya a irin wannan jawabi ta ƙofar siffa take shigowa. Da kin ce "mutum ne mai haƙuri", ko "uba ne gare mu", kin faɗa rami, domin waɗanda suka ji muryarsa ranar da ya ɗaga ta a kanki suna zaune a wurin, za su sunkuyar da kai. Ki bar siffa, ki kama aiki. Ki zauna da takarda ki nemo abu biyu da ya yi waɗanda za ki iya faɗin lokacinsu da wurinsu, waɗanda in aka sa ki dafa Alƙur'ani ba za ki ji ɗar ba. Ke da ke riƙe da lissafi kin fi kowa sanin inda za ki duba. Albashi yana fita kan lokaci a zamaninsa? Masu binciken kuɗi sun zo sun tafi ba a kama biro da komai ba? Ya taɓa tsaya wa wani ƙaramin ma'aikaci? Sau da yawa halin da ya ƙona ki shi ne kuma ya amfani aikin: shugaban da ba ya ɗaga ƙafa kan minti goma, galibi ba ya barin dosiye ta kwana a teburinsa. Ki faɗi wannan ɓangaren. Gaskiya ce, ko da ba ita kaɗai ba ce gaskiyar.

Wata mai riƙe da kes a Yamai ta taɓa zuwa wurina da matsala irin taki, muka zauna muka tsara mata. Ga kusan abin da ta faɗa bayan sallama:

"Ranka ya daɗe, abokan aiki sun ɗora mini in yi magana da bakinsu. Shekara huɗu muka yi tare. Lokacin da ka zo, rahoton ƙarshen wata yakan kai tsakiyar wata mai bi bai fita ba, yau ba ya wuce ranar biyar. Shekarar da kuɗi suka makara gab da babbar salla, mun ga ka zauna a biro har bayan isha'i sai da aka biya kowa. Ba mu manta ba. Aiki da kai ba wasa ba ne, ni da kaina na shaida, kuma na koyi abin da na koya. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji manya. Inda muka ɓata maka, muna roƙon ka yafe mana. Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka ikon riƙe amanar da ke gabanka."

Bai kai minti biyu ba, kuma haka ya kamata. Ki duba jimlar nan ta "aiki da kai ba wasa ba ne". Ita ce duk rabon saɓanin a gaban jama'a, jimla ɗaya, ba misali, ba labari. Kowa ya gane, shi ma ya gane, amma ba a tsiraita shi ba, har yana iya ɗaukarta yabo in ya so. Ki lura kuma ba ta ce za su yi kewarsa ba, ba ta ce ba za a sami kamarsa ba. Ba wanda ya lura da rashinsu. Mutane ba sa ƙirga abin da ba a faɗa ba, ƙaryar da aka faɗa ita suke riƙewa.

Abin da na fi jin tsoro gare ki ba ƙarya ba ne ma, habaici ne. Mu Hausawa gwanaye ne a nan, muna iya yanka mutum da yabo. "Darakta ya koya mana haƙuri ƙwarai da gaske." In kin faɗi haka za a yi dariya daga kujerun baya, ranar za ki ji sanyi a ranki. Da kin ji irin wannan dariyar, ta mutum biyu uku masu kallon juna, ki san kin zame. Gwajin da nake ba mutane shi ne: ki karanta jawabin ki ɗauka matarsa tana zaune a wurin, ba ta san komai ba. In akwai jimlar da sai ɗan biro zai gane cizonta, ki cire ta. Haka wasan taubasantaka, ko da akwai shi tsakanin danginki da nasa. Wasan yana da daɗi ne inda zukata suke fari. Inda akwai ƙulli, kowa yana jin ƙarfen da ke cikin audugar.

Sai wurin da ya fi wuya. Bayan kin gama shi zai tashi, kuma kusan tabbas zai ce in ya ɓata wa wani a yafe masa. Jama'a za su amsa "mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya". In zuciyarki ta kai, ki amsa da su. In ba ta kai ba, kada ki tilasta mata, ki ce "Allah ya yafe mana" ki tsaya nan. Addu'a ce ta gaskiya, ba ki kuma yi shaidar abin da ba ki ji ba.

Shi ya sa nake son ki gan shi kafin ranar, kwana biyu ko uku, ba ranar da yake tattara kaya ana shiga ana fita ba. Ki nemi minti goma a ofishinsa. Ki zaɓi abu ɗaya tak. Ni a ganina takardar neman bayanin nan ce, don ita ta haɗa da ɗanki, ita za ta daɗe tana ci miki rai. Ki ce masa kamar haka: "Ranka ya daɗe, ban so ka tafi da wata magana a raina ba. Ranar da aka ba ni takarda, ɗana yana kwance asibiti. Na san doka ce, amma abin ya yi mini ciwo. Na faɗa ne don in sauke, ba don a tayar da ita ba." Daga nan ki yi shiru. Wani zai ce bai sani ba, ya ba da haƙuri. Wani zai hau kare kansa, ya karanto miki dokar biro. In ya yi haka kada ki bi shi, ki ce "na ji, na gode", ki tashi. Ba hukunci kika je nema ba. In kuma kin san mutum ne mai riƙo, wanda zai iya tafiya da maganar ya jira ki da ita, to ki bar ganawar gaba ɗaya, ba dole ba ce. Ki tuna Yamai zai koma, can ne kuwa ake sa hannu kan yawancin abin da ya shafi ma'aikatan jihohi. Tawa da Yamai tafiyar yini guda ce a mota, amma a harkar aiki katanga ɗaya ce tsakani.

Na takarda kuma kada kunya ta sa ki bar shi. Yafiya tsakanin zukata ce, ba ta goge abin da ke cikin dosiye. In akwai kuɗin tafiyar aiki da ba a biya ki ba, ko kwanakin hutu da bai sa wa hannu ba, ko makin shekara da bai cika ba, ki kai masa kafin ya miƙa aiki ga magajinsa. Da zarar an yi miƙa aiki, sabon zai ce bai san zancen ba, tsohon zai ce ba ya da hurumi. Ki duba kuma ko amsar da kika rubuta wa takardar neman bayanin tana cikin dosiyenki tare da shaidar asibiti, don kada wanda zai zo ya tarar da tuhuma ba amsa. Na taɓa sakaci da irin wannan a wani wurin da na yi aiki, na ce ai an rabu lafiya, sai da na yi wata bakwai ina bin sa hannu ɗaya. In abin da ya shiga tsakaninku ya wuce zafin hali, ya kai cin mutunci ko tauye haƙƙi, wannan ba zancen walima ba ne, wakilan ma'aikata da ofishin sufeton aiki don shi aka yi su.

Kyauta kuwa, in ana karo-karo ki ba da abin da kowa ya bayar. In jaka biyu aka yanka, jaka biyu, kada ki rage don a gane, kada ki ƙara don a ce. Cuku da kilishi ko takalmin fata na Adar sun isa tsaraba. Miƙawar ki bar wa wani, ke kin riga kin yi naki.

Ki rubuta jawabin a takarda ki riƙe a hannu, ko da kin haddace. Wanda ya tsaya gaban mutumin da ya ɓata masa, bakinsa yakan yi gaba da shi, ko ya zarce da yabo don kunya, ko ya saki abin da bai shirya ba. In muryarki ta fara rawa, ki tsallake kai tsaye zuwa addu'a, jama'a za su karɓe da amin, ki koma ki zauna.