"Gyara shi": wane ne "shi" ɗin?

"Malam, ni manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekaranjiya bayan la'asar Baffana da ke zaune a Kano ya turo mini saƙo ta WhatsApp, kalma biyu tak: 'Gyara shi.' Ba hoto, ba takarda, kuma rabon da mu yi magana tun Babbar Sallah. Injin ban-ruwansa yana hannuna, gonarsa ma haka, ga kuma ɗansa da ke karatun allo a wurinmu. Wannan magana cikakkiyar Hausa ce? Me take nufi? In na tambaye shi, ba zai zama rashin kunya ba?"

Ta fuskar nahawu, Hausar Baffanka ba ta da aibi. Akwai aikatau, wato "gyara", a sigar umarni, akwai kuma karɓau, wato "shi". Jimla ta tsaya da ƙafafunta. Abin da ya rage shi ne ba ta kawo maka saƙon da aka ɗora mata ba, kuma dalilin yana cikin ƙaramar kalmar, ba babbar ba.

"Shi" wakilin suna ne. Wakili kuwa ba ya da aiki sai an san wanda ya wakilta. In maigari ya tura mutum wurin ɗaurin aure, ya tashi ya ce shi wakili ne, abin da za a fara tambayarsa shi ne wakilin wa. Hanya biyu ce kawai wakilin suna yake samun mai shi. Ko dai an ambaci sunan a baya cikin zance, kamar a ce "injin nan yana tari, gyara shi", ko kuma abin yana gaban masu maganar, ido na ganinsa, mai magana ya nuna da yatsa ko da haɓa. A tsakar gida, Baffa na tsaye kan injin, ya zungure shi da ƙafa ya ce "gyara shi", ba ka buƙatar ƙarin ko harafi ɗaya. Waya kuwa ta ɗauko kalmomin ta baro yatsan a Kano. Hoto ko takardar da akan haɗa da saƙo su ne ke tsayawa a madadin yatsa, tsohuwar hira kuma ita ce ke tsayawa a madadin ambaton baya. Kai ba ka samu ko ɗaya ba.

Duk da haka Hausa ba ta bar ka hannu biyu ba, domin tana rarrabe jinsi. Bari mu bi kayan Baffa ɗaya bayan ɗaya. Gona mace ce, da ita yake nufi da ya ce "gyara ta". Haka katanga, rijiya, waya da takarda. Da abubuwa da yawa ne da ya ce "gyara su". To ka ga gona ta fita. Saura inji da yaro, duka maza, sai kuma duk wani abu namiji da mai yiwuwa ya yi niyyar turowa, kamar fom ko hoto. Sai dai wannan ma'aunin yana da iyaka. A bakin Bakano ko mutumin Ringim yana da ƙarfi, amma akwai masu Hausar Zazzau da ta Bauchi, da waɗanda suka koyi harshen da girmansu, da kan ce "shi" ga gona da mota. Tunda Baffanka ɗan gida ne, ina ganin za ka iya dogara da shi wajen cire gona. Amma cirewa kawai yake yi, ba ya zaɓa maka tsakanin waɗanda suka rage.

A nan ne faɗin kalmar "gyara" yake zama abin tsoro. Kalma ce da ba ta faɗin aikin da za a yi. Abin da take faɗi shi ne a mai da abu yadda ya kamata ya kasance, sai abin da ke gabanta ya fayyace aikin. Gyara gona sassabe ne da sharar kara da ƙona shi kafin saukar damina. Gyara kaza figewa ce da fitar da kayan ciki. Gyara rubutu cire kurakurai ne. Gyara murya ɗan kakin da mutum ke yi ne kafin ya yi magana, ko don a san ya iso. Ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya a layin hatsi: mai awo ya cika tiya, mai saye ya ce "a yi mini gyara", sai ka ga ya ƙara dintsi ɗaya a kai. Kana nan tsaye mai kura zai taho da lodi yana ihu "Gyara! Gyara!", kowa ya matsa gefe. Babu abin da ya lalace a duka biyun. Kunne ma yana rarrabe su: gyaran mai awo suna ne, murya tana sama a gaɓoɓin biyu, na mai kura kuwa umarni ne, murya tana farawa ƙasa ta hau. Rubutunmu na boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, shi ya sa a allon waya duk fuskarsu ɗaya.

Yanzu ɗora kalmar a kan yaro. "Gyara shi" game da ɗan mutum yana iya nufin a yi masa aski a wanke masa kaya. Yana iya nufin a yi masa nasiha. Yana kuma iya nufin a hore shi, domin da wannan kalmar ake cewa "zan gyara maka zama", da ita kuma ake kiran gidan yari gidan gyaran hali. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. In ka yi zato kan inji ka kuskure, kuɗi ne suka tafi. In ka yi zato kan yaro ka ɗauki bulala, ka taɓa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma ba a mayar da duka. Ina roƙonka kada ka kusanci yaron nan da wannan saƙo.

Ko da mun tabbata injin ne, maganar ba ta ƙare ba, kuma ka fi ni sanin haka. Injin da ya ƙi tashi daban, wanda ya tashi ya ƙi jan ruwa daban. Na farko akan fara duba mai da fulogi, sannan a wanke kafireta. Na biyu sau da yawa ba cikin injin ciwon yake ba: ko ba a cika kan famfon da ruwa ba kafin a tayar, ko tiyon da ke zuƙo ruwa ya huje yana shan iska, ko bakinsa ya toshe da ciyawa. In kuma yana hayaƙi yana shan baƙin mai, sai an buɗe shi, kuma kuɗin ya wuce na sauran nesa ba kusa ba. Wanne Baffa yake nufi, kuma wa zai biya? Mutumin da ya kwance injin da ba a ce ya kwance ba, ya ɗaure, ya bar shi yana yoyo, shi Hausawa ke cewa ya yi gyaran gangar Auzinawa, wato gyaran da ya bar abu ya fi dā lalacewa. Kusa da shi akwai "garin neman gira a rasa ido".

Akwai wani karin magana da nake so ka duba da kyau, domin da umarni irin na Baffa ya fara: "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Hoton da ke ciki na mai ɗauke da kaya a ka ne, gammo ya zame, kayan sun karkace, wani da ke tafe a baya ya hango ya yi masa magana. Ma'anar ita ce shawara ba neman rabo ba ce, kada a ji haushin mai ba da ita. Amma lura da ginin maganar. Ba a ce "gyara shi" ba, an ce "gyara kayanka". An ambaci abin, an ambaci mai shi, ga shi kuma nauyin yana bisa kansa, wuyansa ma yana gaya masa ta gefen da ya karkata. Ko karin magana, da aka san shi da taƙaita zance, bai yarda ya bar wannan gurbin ba.

Kafin ka ɗora wa Baffa laifin gajarta magana, ka sani mai yiwuwa ya turo abin, hanya ce ta riƙe shi. Rubutu ba shi da nauyi, ko sabis ya yi rauni yakan wuce. Hoto da takarda da saƙon murya sun fi shi nauyi, sukan maƙale a wayar mai turowa, shi kuwa ya mayar da ita aljihu yana ganin komai ya tafi. Haka nan in ka sauya waya ko ka goge manhajar ba tare da ajiyar hirarraki ba, tsofaffin saƙonni ba za su bayyana ba, alhali shi a tasa wayar yana ganin zancen da ya ɗora a kai. Akwai kuma yiwuwar ba kai aka nufa ba sam, yatsa ne ya zame daga sunan wani makaniki zuwa naka. Ko wanne ne cikin ukun, bai san kana cikin duhu ba, yana can yana jiran aiki.

Batun rashin kunya kuwa, na fahimci abin da kake ji. An tarbiyyantar da mu cewa babba in ya yi aike ba a tsare shi da tambayoyi. Amma abin da al'ada ta hana shi ne tambayar da ke ƙalubalantar umarni, irin su "don me?" da "sai ni?". Tambayar da ke neman cika umarni ladabi ce, kuma a kanta aka ce matambayi ba ya ɓata. Abin kiyayewa shi ne siga. Kada ka rubuta "Me?" ko "Wa?" su kaɗai, domin a rubuce suna fita da kaushi, kuma ka maimaita irin gajartar da ta jefa ka cikin wannan hali. Ka fara da gaisuwa, ka ɗora laifin a kan waya, ka nuna ka karɓi aikin, sannan ka kawo zaɓi yadda zai amsa da kalma ɗaya:

"Baffa, ina wuni, ya iyali? Na ga saƙo, amma rubutun kaɗai ya shigo, in akwai hoto ko takarda ba su iso ba. Injin ban-ruwa za a gyara, ko wani abu ne daban? In injin ne, a gaya mini abin da aka ce yana yi, gobe in sha Allahu sai in kai shi."

Ka ga ban sa sunan yaron cikin zaɓin ba, da gangan. In shi ake nufi, bari uban ya faɗa da bakinsa, ya kuma faɗi abin da ya ji da irin gyaran da yake so. Tunda kuma saƙon ya kwana biyu, kada ka tsaya jiran rubutu. Ka tura, in magariba ta yi bai amsa ba ka kira shi bayan isha'i, ka karanta masa kalmomin nan biyu yadda suka zo maka.