Cek ɗina ya dawo an rubuta DAR

"'Yan uwa, wani ya biya ni da cek na N850,000 mai layi biyu a kusurwa. A kanta sun ƙi ba ni kuɗi, na zuba a akawun, yau ya dawo da DAR. Me ke nan?"

Wayyo ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri, wallahi har gabana ya faɗi da na ga haruffan nan. DAR ana nufin a koma wurin mai cek ɗin, kuma galibi kuɗin akawun ɗinsa ne bai kai ba, banki dai ba zai tona masa asiri ya faɗa maka ƙarara ba. Da DCR suka rubuta da sauƙi, wannan sun neme shi ne ya tabbatar shi ya rubuta ba su same shi ba.

Ni wani ɗan kwangila ne ya yi min a Tudun Hatsi nan Gombe, ya loda masara ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ja layi biyu ya rubuta A/C Payee Only yana cewa "Alhaji wannan ai ya fi tsaba tsaro." Ya san sarai Asabar da Lahadi ba a kiliyarin, wato bankuna ba sa tantance cek! Masarar kuma ta manoma ce daga Kumo, suka zo suka zauna min a kan buhuna, wani dattijo ko abincin da na sayo bai taɓa ba, kallona kawai yake yi, ni kuma ina ta kiran waya a kashe. Har yau in na tuna idon dattijon nan raina ɓaci yake.

Layi biyun nan ba shaidar akwai kuɗi ba ne, aikinsa kawai ya hana a biya a kanta, sai ta akawun. Bankinka zai ɗauki hoton cek ɗin ya tura bankin mai cek ɗin ta NIBSS, wato cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya wajen biyan kuɗi, su duba sa hannu da kuɗi, in komai daidai ne ka samu ranar aiki ta gaba. Kafin nan takarda ce kurum a hannunka, kada kaya su bar shago.

Ka karɓo cek ɗin ka duba da kyau, adadin da ke cikin kalmomi ya yi daidai da na lambobi? Akwai gyaran biro ba sa hannu a gefe? Waɗannan ma suna dawo da shi, haka in ya wuce wata 6.

Don Allah kar ya lallaɓe ka ka miƙa masa asalin cek ɗin da sunan zai canza maka, shi ne hujjarka. Dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga mai ba da cek ɗin da ba kuɗi, amma sai in an kai shi banki cikin wata 3 daga ranar da ke jiki. Ka yi fotokwafi gaba da baya yau ɗin nan, ka je masa da shaidu biyu, ka ce tiransifa kake so a gabansu.