An amince da rim 15, kanta tana ɗauke da 12

"Maigida, malamin jarrabawa ya aiko masinja da fom yana neman takarda rim 20. Shugaban makaranta ya soke 20 ya rubuta 15, ya sa hannu. Katin kaya ya ce saura 14, amma da na ƙirga a kan kantar sito 12 na gani. Nawa zan ba shi, kuma me zan rubuta?"

Bello, ka ba shi 12, ka rubuta 12. Amma kafin ka taɓa ko rim ɗaya, ka koma kan fom ɗin.

Duba inda aka soke 20. Shugaban ya sa ƙaramin hannunsa a gefen gyaran, ko sa hannun ƙasa kaɗai ke akwai? Duk adadin da aka gyara a fom, dole wanda ya gyara ya sa hannu kusa da gyaran. A wannan karon ragewa aka yi, shi ya sa hankalinka bai tashi ba. Wata rana fom zai zo an mai da 1 ya koma 10, ko 5 ya koma 15, da biro iri ɗaya, kuma sa hannun shugaba na gaskiya ne, sai dai ya sa shi ne tun kafin a ƙara lambar. Idan ka saba neman sa hannu a kan kowane gyara, na sama da na ƙasa, ba wanda zai ce shi kaɗai kake zargi. In babu, ka mai da masinja ya kawo. Ka kuma duba kwanan wata, da ma'aunin da aka rubuta. Rim ɗaya warƙa 500 ne, katan ɗaya kuwa rim 5. Fom ɗin da ya ce "takarda 15" kawai bai faɗi komai ba, don katan 15 rim 75 ne.

Fom yana da gida uku: abin da aka nema, abin da aka amince, da abin da aka bayar. Na farko na mai nema ne, na biyu na shugaba, na uku ne kaɗai naka. 15 ɗin nan iyaka ce aka yanka maka. Kana iya bayar da ƙasa da ita in kaya ba su kai ba, amma ba ka da ikon haura ta ko da rim ɗaya, ko malamin ya zo da kansa ya rantse cewa sun yi magana da shugaba a masallaci. In sun yi magana, shugaba yana ofis da bironsa.

To, ka buɗe littafin bauca ta fitar da kaya, ka sa kabon. Rubuta lambar fom, sunan ofishin da ya nema, sunan kaya da girmansa, sannan rim 12, da lamba da kuma kalmomi, "goma sha biyu". Layukan da suka rage babu komai ka ja musu layi a karkace har ƙasa, don kada wani ya cusa kwalin biro ko tawadar firinta bayan ka sa hannu. Ku ƙirga tare da masinja a kan tebur, ya rubuta cikakken sunansa, ya sa hannu da kwanan wata. A sitonmu kofi uku muke yi: ɗaya ya bi kaya, ɗaya ya tafi wurin basa, mai kula da kuɗin makaranta, tare da fom, na uku ya zauna cikin littafi ba a yage shi.

Akwai abin da zai zo maka a rai, ko masinja ya ba ka shawararsa: ka rubuta 15 tunda haka aka amince, in kaya sun iso ka cika masa 3. Kada ka yarda. Daga lokacin da ka rubuta 15, takarda ta ce rim 15 sun bar sito, alhali katinka ma 14 yake da su. Odita ba ya sauraren alkawari, abin da ke rubuce yake bi. Kuma ranar da sabbin kaya suka zo ka miƙa 3 ɗin babu bauca, ka sake buɗe wani giɓi a sabon katan. Ni ina rubuta "an bayar da 12, sauran babu a sito" a kan fom, in rufe shi. Idan kaya sun zo, malamin ya cika sabon fom na rim 3. Wataƙila ma a lokacin jarrabawa ta wuce, ba ya bukatarsu. Sai dai ka aika masa da saƙo yau, ba gobe ba, cewa warƙa 6,000 ce a hannunsa, ya san yadda zai tsara buga takardun tambayoyi.

Yanzu rim 2 da suka ɓace tsakanin kati da kanta, waɗanda su ne suka fi damuna. Idan ka shigar da 12 a gidan fita, kati zai nuna saura 2, kanta kuwa wayam. Bar shi ya nuna hakan. Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwan gyara, kada ka ƙirƙiro wani fita na rim 2 don lissafi ya tashi daidai. Giɓin da aka bari a fili kuskure ne da ake bincike a kansa, wanda aka rufe da ƙarya kuwa sunansa ya canja, kuma naka ne.

Binciken ba wuya. Koma ranar ƙarshe da kati da kanta suka yi daidai. A ce farkon zango aka kawo katan 8 daga Birnin Kebbi, aka shigar da rim 40. Kati ya nuna an fitar da 10 saura 30, an fitar da 6 saura 24, an fitar da 10 saura 14. Fara da sake ɗebe waɗannan lambobi da kanka, don sau da yawa a nan kuskuren yake. In sun yi daidai, ɗauko littafin bauca ka bi lambobinta a jere. A ce kati yana ɗauke da 0231, 0232 da 0234. Ina 0233? Buɗe kofin da ke littafi. Idan ka tarar rim 2 ne aka kai ofishin mataimakin shugaba ranar da sito ya cika da jama'a, aka manta ba a hau da su kati ba, ka gano ɓarakar. Ka shigar da ita yau, da kwanan watan yau, ka rubuta lambar baucar da ainihin ranar da aka fitar. In 0233 ta alli ce ko biro, ba ta shafi takarda ba, ka wuce.

Idan baucoci duk sun hau, ka leƙa bayan kanta da ƙasanta. A nan Argungu damina tana jiƙa katan ɗin da aka ajiye a kan siminti, gara kuma ba ta barin takarda, sai wani ya ware rim ɗin da ya lalace gefe bai rubuta ba. Ka kuma tambayi wanda ya karɓi kayan ko ya buɗe kowane katan ya ƙirga, don katan da aka sake liƙewa yana iya zuwa da rim 4. In duk wannan bai nuna komai ba, ka rubuta wa basa rahoto a ranar: kati 14, ƙirga 12, ga abin da na duba. Ka riƙe kofi. Ka faɗi ko wa da wa ke da makullin sito, ba tare da ka ɗora wa kowa laifi ba.

A cikin wannan rahoton ka sanar da shi cewa takarda ta ƙare ƙaf. Sannan ka rubuta 20 a saman katin, a matsayin adadin da in kaya suka sauko gare shi za ka nemi a sayo. Da wannan lambar tana wurin, tun ranar da saura ya faɗo daga 24 zuwa 14 takardar neman saye ta isa teburin basa, mako biyu ko uku kafin jarrabawa.